Yadda ake nazarin jerin ɗinkin da aka baje a dandamali: launi, siffa, adon da ke maimaituwa da jigo

Idan sallah ta matso, rabin masu shigowa shagon tela a Gusau da waya a hannu suke shigowa. Za a miƙo maka hoto a ce “irin wannan nake so.” Sau da yawa hoton an tsinto shi ne daga wani bikin baje kolin kayan sawa na Legas ko Paris, inda mai zanen kayan ya fito da shiga talatin ko arba'in a jere, aka zare guda ɗaya ta yi ta yawo a wayoyi. Telan da ya tsaya a wannan guda ɗayar kwafi kawai zai yi, kuma kwafin kan fito a karkace, domin bai san me ke riƙe da rigar ba. Wanda ya koma ya karanci jerin gaba ɗaya shi ke gane ƙa'idar da aka bi, har ya iya fitar da nasa ɗinkin daga cikinta.

Hanyar da nake koya wa yaran shagona ita ce a ƙirga kafin a yi magana. Jigo kuwa, wanda kowa ke gaggawar faɗa, shi ne na ƙarshe.

Tara jerin a cike

Manyan bukukuwan baje kolin kayan sawa guda huɗu, na New York da London da Milan da Paris, ana yin na kayan mata sau biyu a shekara. A Fabrairu zuwa Maris ake nuna kayan sanyi, a Satumba zuwa Oktoba kuma kayan zafi na shekara mai zuwa. Mu a nan na biyun ya fi yi mana amfani, domin ba wanda zai saka kwat ɗin ulu a Talata Mafara cikin watan Afrilu. Akwai kuma na Legas, Lagos Fashion Week, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, kuma yadukan da ake nunawa a can sun fi kusa da waɗanda muke yankawa.

Abu biyu kake bukata: hotunan kowace shiga bi da bi yadda suka fito, da bidiyon bikin. A shafin intanet na Vogue Runway hotunan suna da lamba, Look 1, Look 2, har ƙarshe, kuma jeri da yawa suna da sashen Details inda aka ɗauko wuya da hannu da maɓalli daga kusa. Ka adana su duka a babban fayil guda a wayarka, kada ka tsallake waɗanda ba su burge ka ba. Bidiyon yawanci minti goma zuwa sha biyar ne, ka sauke shi sau ɗaya ka huta da ƙona data. Amfaninsa shi ne masu ɗaukar hoto a ƙarshen dandamali suke tsayawa, gaban riga kawai suke kamawa. Bayanta, da yadda yadin ke motsi in ana tafiya, sai a bidiyo.

Idan akwai takardar bayani da mai kayan ya fitar, ko sharhin ’yan jarida, ka ajiye su gefe tukuna. In ka fara karanta cewa “teku” ne ya zaburar da shi, duk shuɗin da ka gani teku za ka kira shi.

Sai ka ɗauko littafin awo, ka ware shafi biyu, ka ba kowace shiga layi ɗaya: lambarta, babban launi, ƙaramin launi, siffa, tsawo, da duk wani ado da ido ya kama. Kallon farko dai ka yi shi hannu sake, ba biro. A na biyu ake rubutu.

Domin bayanin ya zauna, mu ƙaddara jeri ne na kayan mata mai shiga 30, mu bi shi tun daga farko.

Launi

Da launi ake farawa saboda shi ya fi sauƙin ƙirgawa. A kowace shiga, launin da ya ci fiye da rabin jiki shi ne babba. Sauran, na shafi ko bakin hannu ko zaren aiki, su ne ƙanana, kuma gurbinsu daban. Kada ka rubuta “shuɗi” ka wuce. Shuɗin baba mai duhu daban yake da ruwan sararin sama, ja na jini daban yake da makuba. In sunan ya gagare ka, ka laluba cikin ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburin yanka, ka samo mafi kusa ka manna a gefen layin.

A jerinmu, da aka gama ƙirga manyan launuka sai aka samu shuɗin baba 11, fari da ruwan madara 8, ruwan ƙasa 6, baƙi 3, ruwan goro 2. Wanda ya kalli bidiyon sau ɗaya zai rantse maka ruwan goro ne launin jerin, saboda rigunan nan biyu su suka fi ɗaukar ido, su ne kuma za su fi yawo a wayoyi. Lissafi ya nuna shuɗi da fari ne suka ɗauki kusan kashi biyu cikin uku. To amma da aka duba gurbin ƙananan launuka, ruwan goron ya sake bayyana a shiga har guda 14, a shafin hannu da siririn layi a bakin wuya. Wato aikinsa a jerin shi ne ya leƙo ya koma. Telan da ya ɗinka wa mace riga ruwan goro tun daga sama har ƙasa yana cewa ya bi salon, ya kauce.

Bayan adadi sai tsari. Ka buɗe fayil ɗin yadda hotunan za su zama ƙanana a jere, ka ɗan runtse ido har fuskoki su ɓace, launi kaɗai ya rage. A namu, shiga ta 1 zuwa ta 7 farare ne, ta 8 zuwa ta 13 ruwan ƙasa, daga ta 14 zuwa ta 24 shuɗi ne da ke ƙara duhu a hankali, sai ruwan goro biyu, baƙi uku, ta 30 ta dawo fara. Wannan tafiya daga haske zuwa duhu da gangan aka shirya ta. Ka rubuta ta, za ta yi amfani a gaba.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne fitilar dandamali da gilashin waya. Fitila mai rawaya tana mayar da fari ruwan madara, shuɗi mai duhu kuma ya koma kamar baƙi. Yadi mai sheƙi irin shadda ko satin yana fitowa da haske fiye da yadda yake a hannu. Hanyar ganewa ita ce ka nemi wani abu a hoton da ka tabbata fari ne, bango ko takardar da ke hannun ’yan kallo. In shi ma ya yi rawaya, to duk hoton ne ya rine. Ka kwatanta da hoton kusa na wannan rigar, kuma ka kashe saitin nan na kare ido da ke sa fuskar waya ta yi ja-ja da dare.

Siffa

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka fi daɗewa. Siffa ita ce abin da zai rage in mai sanye da kayan ta tsaya a bakin ƙofa rana na bayanta: ba launi, ba aiki, sai faɗi da tsawo. Ka ɗora farar takarda marar kauri a kan fuskar wayar, ka ƙure haske, ka bi gefen jikin da fensir. Ba sai ka yi wa duka talatin ba, goma na farko sun isa su saita maka ido.

Wuri huɗu za ka duba a kowace shiga: kafaɗa, ƙugu, kwatangwalo, da bakin ƙasa. Tambayar ɗaya ce a ko'ina: a nan kayan sun kama jiki ko sun sake shi? In kafaɗa ta kama, faɗi na ƙaruwa har ƙasa, ka sa A. In faɗin ɗaya ne daga sama har ƙasa, ka sa H. In sama da ƙasa sun buɗe, ƙugu ya tsuke, ka sa X. In kafaɗa ce mai faɗi ƙasa ta tsuke, ka sa Y.

Wanda ya fi kowa nuna ƙarfin siffa shi ne mai zanen kayan nan na Faransa, Christian Dior. A ranar 12 ga Fabrairu 1947 ya fito da jerinsa na farko a Paris, wanda aka yi wa laƙabi da New Look. Shigar da ta fi shahara a ciki, Bar, kwat ce ruwan madara da baƙin siket mai tattara, launi biyu kacal. Abin da ya girgiza mutane shi ne kafaɗa ta sauko a zagaye, ƙugu ya tsuke sosai, an cusa wa kwatangwalo abin da zai ɗaga shi, siket kuma ya sauka ƙasa da gwiwa ya ci yadi mai yawa, a lokacin da Turai ba ta gama fita daga ƙarancin yadi na yaƙin duniya na biyu ba. X ke nan tsantsa. Shi dai Dior ɗin ne ya fito da H a 1954, ya biyo da A da Y a 1955. Daga wannan tarihi abin da tela zai riƙe shi ne faɗin kwatangwalon nan ba jikin matar ba ne, aiki ne da aka yi a ciki. Don haka duk inda ka ga faɗi a hoto, ka tambayi kanka me ke riƙe da shi: taurin yadi ne, tattara ce, shafi mai kauri ne, ko soso a kafaɗa? A bidiyo ake samun amsa. Faɗin da yadi mai laushi ya yi yana kaɗawa yana faɗuwa in an taka, wanda aka tallafe daga ciki kuwa yana tafiya a sandare.

A jerinmu an samu A guda 19, H guda 7, X guda 4. Wata yarinya da ke koyon aiki a wurina ta taɓa tsayar da ni a kan irin wannan, ta ce, “Oga, to ai ya haɗa salo uku ke nan, wanne ne nasa?” Na ce ta ƙara girman hoton masu ƙugun nan ta duba. In babu ɗinkin da ya raba sama da ƙasa, babu dat, sai yadi da ya cukurkuɗe a ƙarƙashin bel, to rigar a sake aka yanka ta, wani ne ya ɗaure ta daga baya. A namu uku cikin huɗun haka suke, don haka A ne su ma. Lissafi ya koma A 22, H 7, X ɗaya tal.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Bayan mai zanen kayan, akwai mai shirya shiga, wanda aikinsa shi ne haɗa wannan riga da wancan takalmi, ya ƙara bel ko hula ko tabarau, ya naɗe hannu, ya bar maɓalli a buɗe, domin bikin ya yi armashi. Duk abin da za a iya cirewa ba tare da an farke ɗinki ba, ka sa masa alama daban a littafinka. Ba ya cikin yanka.

Tsawo kuma a jiki ake auna shi: gwiwa, tsakiyar ƙwauri, idon sawu, ko jan ƙasa. Masu tallar kayan nan dogaye ne, yawancinsu sun doshi ƙafa shida, ga takalmi mai tsini a kai. Rigar da ta tsaya wa mai talla a tsakiyar ƙwauri, in ka kwafi incinta, a idon sawu za ta tsaya wa mai matsakaicin tsawo. Abin da za ka ɗauka shi ne inda rigar ta tsaya da inda ƙugunta ya zauna, sama da cibiya ko ƙasa da ita.

Adon da ke dawowa

Yanzu ka koma sashen hotunan kusa. Wuya, hannu, aljihu, maɓalli, zif, tsaga, tattara, kalmasa, aikin zare ko na duwatsu. Ƙa'idata ita ce abin da ya fito sau ɗaya ko biyu ban ba shi muhimmanci ba, wanda ya kai sau uku na ja masa layi, wanda kuwa ya bayyana a kashi ɗaya cikin uku na jerin shi ne sa hannun mai kayan a wannan kakar.

A jerinmu kowace mai talla tana sanye da hula, amma hula ta mai shirya shiga ce, mun cire ta. Geza ta fito sau biyu, mun wuce. Tsaga a gefe ta fito sau 12. Babban aljihu a ƙirjin hagu ya fito sau 17. To adadin ba shi kaɗai ba ne abin lura, ka bi aljihun nan ka ga yadda yake sauyawa. A shiga ta 1 cike yake da aikin zare, fari a kan fari. A ta 9 aikin ya tafi, sai aljihun tsura. A ta 16 ya sauko kwatangwalo ya ƙara girma. A ta 28 ma babu aljihun, layin ɗinki ne kawai ya zana gurbinsa a kan baƙin yadi. Mai zane na gaske haka yake yi da tunani guda, yana juya shi har ya ƙure. In ka ga ado iri ɗaya an manna shi a riga ashirin ba sauyi, ko kuma kowace riga da nata adon da bai san na kusa da shi ba, to jerin bai nuna ba.

Wani lokaci abin da ke maimaituwa a jikin yadin yake. Kenneth Ize, mai zanen kaya ɗan Najeriya da ya fara nuna kayansa a makon Paris a Fabrairu 2020, inda fitacciyar mai tallar kaya Naomi Campbell ta rufe masa bikin, ya gina sunansa ne a kan ashoke saƙar hannu. Ratsin launukan da ke bin kayansa daga masaƙa suka fito. Wanda ya tsaya neman wuya da maɓalli a irin wannan jeri zai tashi da shafi kusan fayau, alhali abin nema yana shimfiɗe a gabansa. Saboda haka ka ware wa yadi gurbinsa: saƙi ne, rini ne, bugu ne irin na atamfa, mai sheƙi ne ko marar sheƙi.

Sai jigo

Ka jera abin da ka samu. Launi ya tashi daga farin yadi ya bi ta ruwan ƙasa ya nutse cikin shuɗin baba. Siffa a sake take, tana buɗewa ƙasa. Ga babban aljihu a ƙirjin hagu, da tsaga a gefe. Duk wanda ya taɓa riƙe babbar riga ya san inda aka dosa, domin a ƙirjin hagu aljihunta yake, a nan ake zuba aska biyu ko aska takwas, gefenta kuma a buɗe yake. Sai ka rubuta jigon a jimla ɗaya da ke da aiki a cikinta: an ɗauki babbar rigar maza an mayar da ita kayan mata, ana rage mata ado yayin da rini ke ƙara duhu. “Al'ada” ko “Afirka” ba su isa jigo ba, domin jeri ɗari za su iya shiga ƙarƙashinsu.

Daga nan ka gwada jimlar. Ka duba shiga ta farko da ta ƙarshe, don a nan masu zane suka fi bayyana nufinsu: ta 1 fara ce mai cikakken aiki, ta 30 fara ce ba aiki ko kaɗan. Ta yi daidai. Sannan ka nemi waɗanda suka ƙi shiga, wato ruwan goron nan biyu da X ɗin nan guda. Uku cikin talatin ba komai, kusan kowane jeri yana da rigunan da aka sa don masu hoto ko don wata mai kuɗi da za ta saya. Amma da sun kai goma, jimlarka ce ba daidai ba, sai ka sake ta. Kada ka matsa wa kayan su bi ta.

Yanzu ne za ka buɗe takardar bayanin. In ta ce babbar riga, madalla. In ta ce teku, ka koma ka nemi tekun a cikin yanka da ado. Idan shuɗi kaɗai ka samu, ka rubuta cewa tekun a launi da kiɗa da adon dandamali ya tsaya, ɗinkin kuma wani abu yake faɗa. Ni dai abin da almakashi ya yi nake gaskatawa.

Abin da za ka kai teburin yanka

Daga irin wannan jeri, tela a Tudun Wada ko Sabon Gari ba ya bukatar kwafar ko riga ɗaya. Doguwar riga mai buɗewa ƙasa dama ita matanmu ke so, ta dace da zafinmu da suturarmu. Ka zaɓi shuɗi mai duhu a yadin da yake da ɗan jiki, kamar shadda marar tauri sosai, don faɗin ya tsaya. In ka yi ta da yadi mai santsi za ta zube ta koma H. Ka sa ruwan goro a shafin hannu kaɗai, yadda sai ta ɗaga hannu za a gani. Tsagar gefe da ta kai cinya a dandamali, ka tsayar da ita ƙasa da gwiwa, ko ka toshe ta daga ciki da ƙyallen ruwan goron, ka ga ta ba da wurin taku ba ta nuna jiki ba. Aljihun ƙirji kuwa a nan mayafi zai rufe shi, aikin da ka biya mai surfani ya tafi a banza, don haka ka ɗauki na shiga ta 16, wanda ya sauko kwatangwalo. Kafin ka yanka, ka maƙala shi da fil a jikin mai rigar tana tsaye da mayafinta, ka sa bakinsa ya fara kamar inci biyu ƙasa da inda mayafin ya tsaya.